Filin Rubutu: Ta yi aikin shekara uku, amma ba ta da muƙami. Me za ta rubuta?

Makon nan mun ɗage darasin insha'i zuwa gaba, saboda wata wasiƙa da ta iso mana daga wata ɗaliba 'yar aji biyar a jihar Jigawa, kuma wasiƙar tana da wa'adi. Ga abin da ta ce:

"Malam, yayata ta gama sakandare shekara huɗu da suka wuce. Shekara uku ke nan tana taimakawa a ƙaramin asibitin garinmu ranar da ake duba yara masu tamowa, tana kuma bin gidaje tana auna yara. Ba a taɓa ba ta takardar ɗaukar aiki ba, sai ɗan kuɗin mota. Yanzu wata ƙungiyar agaji ta fitar da sanarwa tana neman masu wayar da kan jama'a a ƙaramar hukumarmu, an ce sai mai takardar sakandare da ƙwarewar aiki ta shekara biyu. Ni ta sa in rubuta mata wasiƙar. Wani maƙwabcinmu ya ce mu rubuta cewa ita nas ce, in ba haka ba ko duba takardar ba za a yi ba. Ita kuma Yaya ta ce mu rubuta cewa babanmu ya rasu, ita ke riƙe da mu, ko za su tausaya. Malam, wanne za mu bi? Saura mako uku a rufe."

Allah ya jiƙan mahaifinku, 'yata. Amsar a taƙaice ita ce kada ku bi ko ɗaya. Amma da yake na san ɗalibai da yawa su ne marubutan gidansu, su ake kira idan yaya ko kawu ko inna na neman aiki, bari mu zauna mu yi wa wannan wasiƙa filla-filla.

Mu fara da shawarar maƙwabci, domin ita ce mai haɗari. Kalmar "nas" ba laƙabi ba ce da jama'ar gari ke raɗa wa duk macen da suka gani a asibiti, ko da yake haka muke yi a baki. A Nijeriya akwai hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista, tana ba su lasisi mai lamba. Haka ma ma'aikatan lafiya na matakin farko, waɗanda suka fito daga makarantun koyon aikin lafiya, suna da tasu hukumar da nasu lasisin. Wanda ke tace takardu a ƙungiyar agaji ya san wannan kamar yunwar cikinsa. Da ya ga an rubuta "nas", abin da zai fara nema shi ne lambar lasisi. Idan babu, to ba wai an rage wa yayarki maki ba ne, an fitar da ita gaba ɗaya, kuma an fitar da ita a matsayin wadda ba a amince da maganarta ba. Ku tuna aikin da take nema, aiki ne na kawo rahoto daga ƙauyen da shugabanta ba zai je ba. Idan ta yi ƙari a kan kanta tun a takardar farko, wa zai yarda da ita ranar da ta ce ta auna yaro arba'in?

Abin takaicin ma shi ne sanarwar ba nas take nema ba. Ƙwarewar aiki ta ce. Yayarki tana da abin da ake nema a hannunta, maƙwabci yana so ya sa ta ajiye shi ta ɗauki na aro.

Shawarar Yaya kuwa ba ƙarya a cikinta, amma ta ɓata hanya. Wannan kuskure ya fi yawa a wasiƙun da ake kai wa ƙungiyoyin agaji, kuma dalilinsa a fili yake: mutum ya saba ganin ƙungiyar tana raba abinci da magani da gidan sauro, sai ya ɗauka ita ma ƙofar aiki da tausayi ake buɗe ta. To ƙofa biyu ce daban. Ta neman taimako tana tambayar me kake buƙata. Ta neman aiki tana tambayar me za ka iya yi wa masu buƙata. Wanda ya cika shafinsa da halin da gidansu ke ciki ya kai takardarsa ƙofar da ba ita ba, kuma ya ɓata layukan da zai faɗi aikinsa. Maraicinku gaskiya ne, nauyin da ke kan Yaya gaskiya ne, amma ba a wannan takarda za su shiga ba.

To me zai shiga? Ku duba amfanin muƙami a takardar neman aiki. Idan mutum ya rubuta cewa shi jami'in abinci mai gina jiki ne na ƙungiya kaza, kalmomin nan sun gaya wa mai karatu irin aikin da ya yi, da inda ya yi shi, da kuma cewa akwai ofishin da za a tambaya a tabbatar. Muƙami gajeriyar hanya ce kawai. Wanda ba shi da shi sai ya bi doguwar hanya, ya faɗi waɗannan abubuwa da bakinsa: a ina, daga yaushe zuwa yaushe, me hannunsa ya yi, sau nawa, wa ya gani. Sau da yawa ma doguwar hanyar ta fi gamsar da mai karatu, domin muƙami kowa na iya rubutawa, amma bayanin yadda ake aikin sai wanda ya yi shi.

Na buga waya na yi magana da yayar, kuma ta ba ni izinin kawo labarinta a nan muddin ban ambaci sunanta da na garinsu ba. Da na tambaye ta wane aiki take yi, sai ta ce, "Malam, taimakawa kawai nake yi." Wannan kalma ta "taimakawa" ita ce ke binne ƙwarewar mutane da yawa. Mai share ɗaki taimakawa yake yi, mai riƙe rajista ma taimakawa yake yi. Sai na sake tambayar: ranar Talatar da ta wuce, daga fitowarki gida zuwa komawarki, me kika yi? Nan fa bakinta ya buɗe.

Tana ɗaukar ɗan tef ɗin awon damtse, wanda ma'aikata ke kira muwak, ta shiga gida-gida tana auna yara daga 'yan wata 6 zuwa 'yan wata 59, wato waɗanda ba su cika shekara biyar ba. Ana auna hannun hagu, a tsakiyar tazarar da ke tsakanin kan kafaɗa da gwiwar hannu, hannun yana sake, ba a matse tef ɗin ba a kuma bar shi sako-sako. Tef ɗin yana da launi uku. Idan awon ya gaza santimita 11.5, ya faɗa ja, tamowa ce mai tsanani, sai asibiti. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya ne, matsakaiciyar tamowa. Daga 12.5 zuwa sama kore ne. Bayan awo tana danna saman ƙafafun yaron duka biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. Idan ta ɗaga yatsa rami ya zauna a ƙafa biyun, kumburin tamowa ne, kuma wannan yaro asibiti za shi ko da tef ya nuna kore. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Ai Malam, irin wannan yaron ne uwa ke cewa ya yi ƙiba, alhali ruwa ne." Wanda bai taɓa shiga gidaje ba ba zai kawo wannan jimla ba.

Ranar asibiti kuma ita ke tsara layin iyaye, ta sake auna yara, ta taya ma'aikaciya gwajin cin abinci, wato a ba yaro ɗan abincin tamowa a ga ko zai ci, domin wanda ya kasa ci ba a sallamarsa gida da ƙulli, sai an tura shi inda ake kwantarwa. Abincin nan shi ne wanda kuke gani a 'yar leda, na gyaɗa da madara da sukari da mai, kowace leda giram 92, mai ɗauke da kalori 500. Sannan idan uwa ta daina kawo yaronta kafin ya warke, yayar ce ake ba sunan ta bi sawu har gida.

Kun ga "taimakawa" ta haifi aiki huɗu masu suna: awo, turawa asibiti, gwajin cin abinci, da bin sawu. Duk wanda zai rubuta wa wani irin wannan wasiƙa, kada ya tambaye shi mene ne aikinsa. Ya tambaye shi yadda yininsa ɗaya yake tafiya, ya riƙa rubuta kalmomin aikatau.

Sai lissafi, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe, domin nan masu gaskiya ma suke zamewa ba tare da sun sani ba. Yayar tana fita kwana biyu a mako, tana auna yara kamar 20 kowace fita. Ƙanwarta, wadda da alama ta iya darasin lissafi, ta buga: 40 a mako, a yi mako 50 a shekara, 2,000 ke nan, a shekara uku 6,000. Ta ce za ta rubuta "na auna yara 6,000". Lissafin daidai ne, jimlar kuwa ba daidai ba ce. Unguwanni huɗu aka ba yayar, kuma yaran da ke cikin littafinta ba su fi 300 ba a lokaci guda. Yaran nan su take komawa tana aunawa wata bayan wata. Awo ne ya kai 6,000, ba yara ba. Mai tace takarda da ya san girman ƙauye zai ga wannan adadi ya yi murmushi ya ajiye. Abin da ya dace a rubuta shi ne tana kula da yara kimanin 300 a unguwanni huɗu, tana auna kimanin 40 a mako. Adadin ya fi ƙanƙanta, amma idan aka tsare ta da tambaya tana iya kare shi.

Allah ya taimake ta tana da ɗan littafi da take rubuta waɗanda ta tura asibiti. Mun ƙirga na shekarar 2024: ta tura yara 58, an karɓi 49 cikin shirin. Ƙanwar ta so a ɓoye taran da suka rage, wai kada a ga kamar gazawa ce. Na ce a'a. Shida daga cikinsu da aka sake aunawa a asibiti an same su a rawaya, uku kuma iyayensu ba su kai su ba. Faɗin lambobin biyu tare yana nuna abu biyu da babu muƙamin da zai nuna: awonta yana dacewa da na ma'aikatan asibiti a mafi yawan lokuta, kuma ba tura yaro kawai take yi ta manta ba, tana bibiya ta san inda ya ƙare. Haka ma bin sawu: an ba ta suna 17 na waɗanda suka daina zuwa, 12 sun dawo. Wanda ya rubuta cewa duk wanda ya bi ya dawo, ko dai bai bi kowa ba ko bai riƙe lissafi ba.

Idan babu littafi fa? A je wajen mai kula da asibitin a roƙi a duba rajista tare. Idan hakan bai yiwu ba, a rubuta "kimanin", a kuma zaɓi adadin da ya fi ƙasa.

Yanzu ga wasiƙar yadda muka tsara ta. Na ɓoye sunaye, na bar sauran.

Unguwa Kaza,
Gari Kaza,
Jihar Jigawa.
Kwanan wata.

Shugaban Sashen Ɗaukar Ma'aikata,
Ƙungiya Kaza,
Ofishin Jihar Jigawa.

Yallaɓai,

NEMAN AIKIN MAI WAYAR DA KAN JAMA'A, ƘARAMAR HUKUMA KAZA

Ina neman aikin da aka ambata a sama, wanda na ga sanarwarsa a allon asibitin garinmu. Ina da takardar kammala sakandare, kuma tun watan Maris na 2022 nake aikin sa-kai a shirin kula da yara masu tamowa na wannan asibiti.

Kwana biyu a kowane mako ina bin gidaje a unguwanni huɗu masu yara kimanin 300 'yan ƙasa da shekara biyar. Ina auna damtsen yara kimanin 40 a mako, ina duba kumburin ƙafa, ina rubuta sakamako. A shekarar 2024 na tura yara 58 asibiti, an karɓi 49 cikin shirin. Ranar asibiti ina tsara layi, ina sake awo, ina taya ma'aikaciya gwajin cin abinci.

A wannan shekara an ba ni sunayen yara 17 da aka daina kawowa, 12 sun dawo. Na lura cewa a gidaje da dama ba uwa ce ke yanke shawarar fita ba, don haka na koma fara magana da maigida ko kakar yaro, wani lokaci tare da mai unguwa. Inda na samu ana raba abincin tamowa tsakanin yaran gida, nakan bayyana cewa magani ne da aka ƙayyade wa yaro ɗaya, in kuma koma bayan kwana uku in duba.

Wannan aiki na sa-kai ne, ba a ba ni muƙami ko takardar ɗaukar aiki ba. Na haɗa da takardar shaida daga mai kula da asibitin, wadda na yi aiki a ƙarƙashinta duk tsawon wannan lokaci, da takardar halartar horon kwana uku kan awon damtse. Ita da mai unguwarmu sun amince a tuntuɓe su, kuma lambobinsu suna cikin takardar tarihin aikina.

Ina jin Hausa da Fulatanci, ina karatu da rubutu da Turanci, kuma ina iya cika fom a waya. A garin nan nake zaune, kuma a shirye nake in zo ganawa, in kuma nuna yadda nake awo idan an buƙata.

Na gode.

Taku mai biyayya,
Sa hannu
Wance 'yar Wane

Ku ƙirga, ba ta wuce shafi ɗaya ba. Babu "ina da hazaƙa", babu "ina da kishin al'umma", babu "ina iya aiki dare da rana". Ba don waɗannan munanan halaye ba ne, sai don duk sauran takardun da ke kan teburin su ma haka suka ce, kuma babu yadda za a yi a bincika.

Sakin layi na uku shi ne zuciyar wasiƙar. Aikin da ake nema na wayar da kai ne, ba na awo kaɗai ba, saboda haka dole a nuna cewa ta san yadda ake shawo kan gida. Maganar fara tuntuɓar maigida ko kaka ƙaramar magana ce, amma ta nuna ta gamu da matsala, ta gano sanadinta, ta sauya dabara. Da sanarwar mai riƙe rajista take nema, da sai mu rage wannan, mu faɗaɗa maganar littafinta da cika fom. Shi ya sa ba a rubuta wasiƙa ɗaya a yi ta buga kwafi ana rabawa ƙungiyoyi. A ɗora sanarwar a gefe, a ja layi ƙarƙashin kowane abu da ta nema, a tabbata kowanne ya sami amsarsa.

Ku kuma lura da abin da ba ta yi a wannan sakin layi ba. Ba ta ambaci sunan yaro ko na gida ba, ba ta kuma haɗa hoton wani ramammen yaro don a ga shaidar aikinta ba. Ƙungiyoyin agaji suna da tsauraran dokoki na kare yara da sirrin waɗanda suke taimakawa, kuma sukan sa sabon ma'aikaci ya sa hannu a kansu kafin ya fara aiki. Mai neman aiki da ya turo hoton ɗan mutane ya nuna tun daga ƙofa cewa bai san wannan ba. Ba ta kuma soki asibitin ko wani ma'aikaci ba, ko da yake, kamar yadda ta gaya mini, akwai watannin da kuɗin motar ma ba ya fitowa.

Sakin layi na huɗu shi ne inda mutane ke jin tsoro. Wasu sukan yi shiru a kan rashin muƙami, da fatan ba za a lura ba. Za a lura. Wasu kuma sukan cika rabin shafi da ban haƙuri: "duk da cewa ni ba kowa ba ce, duk da cewa ban yi karatu mai zurfi ba". Wannan kuma koya wa mai karatu raina ka ne. Jimla ɗaya ta isa, a faɗi abin yadda yake, nan take a biyo shi da abin da ya maye gurbinsa, wato shaida.

Takardar shaidar nan ita ce ke tsayawa a madadin takardar ɗaukar aiki, don haka a kula da abin da ke cikinta. Wadda ta ce "na san Wance, yarinya ce mai ladabi da biyayya" ba ta da amfani a nan, ta neman aure ce. Wadda ake so ita ce mai faɗin cikakken suna, da watan farawa, da ayyukan da ta yi, da sunan mai shaidar da muƙaminsa da lambar wayarsa, da sa hannu da hatimin asibiti. Kuma a tabbata kwanakin da ke cikinta sun yi daidai da na wasiƙa. Idan wasiƙa ta ce Maris 2022, takardar shaida ta ce 2023, sai a rasa wa za a gaskata. Sannan a nemi izinin mutum kafin a sa lambarsa. Babu abin da ya kai muni kamar a buga wa mai shaida waya ya ce, "Wace Wance kuma?"

A takardar tarihin aiki, wadda ake kira sibi, akwai gurbin da ake rubuta muƙami, kuma ba a barinsa fayau. A rubuta abin da yake gaskiya: "'yar sa-kai, shirin kula da tamowa". Idan a wurin aikin akwai sunan da ake kiran irinsu da shi a takardun horo ko a katin shaida, a yi amfani da shi daidai yadda aka rubuta, ba ƙari ba ragi.

Akwai iyaka, kuma gara ku san ta. Wasiƙa komai kyanta ba ta zama lasisi. Idan sanarwa ta ce sai mai rajistar jinya ko mai digiri, to shekara goma ta sa-kai ba za ta buɗe wannan ƙofa ba, kuma bai kamata ta buɗe ba, domin ba wanda ke so a ɗaura wa ɗansa ruwa a hannun wanda bai koya ba. Irin wannan wasiƙa tana aiki ne inda aka ce "ƙwarewar aiki", ko aka ce "takarda kaza ko ƙwarewar da ta yi daidai da ita". Ayyukan wayar da kai, da rabon kaya, da tattara bayanai, da tafinta, su suka fi zuwa da irin wannan sharaɗi. Ku karanta sanarwa da idon basira kafin ku ɓata kuɗin buga takarda.

Game da harshe: a Nijeriya yawanci da Turanci za a miƙa wasiƙar, a Nijar kuma da Faransanci. Shawarata ita ce a fara tsara ta da Hausa kamar yadda muka yi, domin mai aikin ta ji kowace jimla ta ce "haka ne" ko "ba haka ba ne", sannan a juya. Wajen juyawa, 'yata, kada ki ɗebo manyan kalmomi daga ƙamus don ki burge. Yayarki ce za ta zauna gaban masu tambaya, ba ke ba. Idan wasiƙa ta zo da Turancin farfesa, mai ita kuma ta kasa bayyana layi na biyu, za a yi zaton aikin ma na aro ne. Gajerun jimloli, sunan aikin a kwafe shi daga sanarwa harafi da harafi. Ki karanta mata, ki fassara mata, har sai ta iya faɗin abin da ke ciki ba tare da ta duba ba. Ta kuma tafi ganawa da shirin cewa za a iya miƙa mata tef a ce ta gwada.

Idan ta imel za a aika, a rubuta sunan aikin da lambar sanarwar, in akwai, a gurbin kan saƙo. A haɗa takardun su zama PDF, a sa wa fayil ɗin sunan mai nema, kada a tura hotuna bakwai da aka ɗauka a kan tabarma, rabinsu a karkace. Idan da hannu za a kai, kwafi ake kaiwa, a riƙe na asali a gida sai ranar ganawa. Kada a jira ranar ƙarshe, domin ranar ce sabis ke ɗaukewa.

Abu ɗaya kuma da zan ja kunnenku a kai: ƙungiyoyin agaji na gaskiya ba sa karɓar kuɗi a wajen mai neman aiki, ba na fom ba, ba na ganawa ba, ba na horo ba. Manyansu irin su UNICEF da ƙungiyar likitoci ta MSF sun sha fitar da gargaɗi a kan masu damfara da sunansu. Duk wanda ya ce a turo dubu biyar a asusunsa zai sa sunan Yaya a jerin waɗanda za a ɗauka, ku riƙe kuɗinku.

Masu shirin jarrabawar WAEC da NECO, kun dai ga siffar wasiƙar hukuma a aikace: adireshi biyu, kwanan wata, gaisuwar girmamawa, kan magana, rufewa, sa hannu sannan cikakken suna. Ga aikin gida. Wani matashi ya yi damina uku yana bin gidaje yana raba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 sau ɗaya a wata a lokacin damina. Ba shi da muƙami, yana neman aikin mai duba masu rabon magani. Ku rubuta tambayoyi biyar da za ku yi masa kafin ku ɗora alƙalami, sannan ku rubuta sakin layi na biyu da na uku na wasiƙarsa. Ku aiko ta hannun malamin Hausa na makarantarku, za mu buga uku da suka fi kyau tare da gyara.

Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.